Malami ya mayar mini da babi na biyu, ya ce jerin sunaye na yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a sashen Hausa, bincikena kan yadda marubuta mata suke nuna auren dole a littattafan adabin kasuwar Kano. Na yi bitar ayyuka kusan arba'in, kowane da sakin layinsa, na jera su bisa shekara. Malamin da ke duba aikina ya mayar mini da babin, ya ce jerin sunaye ne, in sake shi bisa jigo. Saura wata biyu in gabatar, hankalina ya tashi. Shin duk wahalar da na sha ta tashi a banza ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki, karatun da kika yi bai ɓata ba. Ginin ne za a sāke, kayan aikin kuwa suna hannunki, kuma wata biyu sun isa idan kika fara yau.

Ki ɗauko tambayoyin bincikenki na babi na ɗaya ki ajiye a gabanki, domin daga cikinsu jigogin za su fito. Sannan ki zana jadawali, a takarda ko a kwamfuta, kowane aiki da layinsa: sunan mai shi da shekara, tambayar da ya yi, littattafan da ya nazarta, hanyar da ya bi, matsayar da ya kai, da abin da bai taɓo ba. Idan kika cike, ki daina karanta jadawalin daga hagu zuwa dama. Ki bi shi daga sama zuwa ƙasa, ki riƙa duba rukunin matsaya kaɗai. Za ki ga mutum shida ko bakwai suna jayayya a kan abu guda. Wannan abin da suke jayayya a kai shi ne jigo. Uku zuwa biyar sun wadatar da kundi irin naki.

A fannin da kika zaɓa jigogin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai muhawarar darajar waɗannan littattafai da sunan da ya dace da su, wadda aka tafka a jaridu a shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya yi suka, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. Akwai batun tushen labaran, inda Brian Larkin a 1997 ya duba alaƙarsu da finafinan Indiya, ya nuna marubuta da masu karatu suna amfani da waɗannan labarai su yi tunani kan soyayya da aure a cikin al'ummarsu. Akwai kuma muryar mata, inda Novian Whitsitt ya nazarci Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fuskar haƙƙin mace a Musulunci. Ki jera su daga na nesa zuwa na kusa da aikinki, jigon mata da aure ya zo ƙarshe, shi kuma ya fi samun fili. Muhawarar suna shafi ɗaya ko biyu sun ishe ta.

Sakin layi kuma ya fara da magana, sunaye su biyo baya a matsayin shaidu. Misali: "Masana sun sha bamban kan ko jigon auren dole a waɗannan littattafai aro ne daga waje ko kuwa kukan cikin gida ne." Daga nan ki kawo masu ganin kwaikwayo ne, ki kawo Larkin da ya ga aron yana yi wa matsalar gida aiki, ki kawo Whitsitt da ya karanta labaran a matsayin sukar da mata ke yi daga cikin addininsu. Sai ki faɗi wace hujja ce ta fi ƙarfi a ganinki da dalili. Aiki ɗaya yana iya bayyana a jigo biyu, wannan ba maimaici ba ne matuƙar abin da kika ɗauko daga gare shi daban ne. Jerin shekara ma bai mutu ba, ki yi amfani da shi a cikin jigo idan ra'ayi ya sauya da tafiyar lokaci.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda nake cin karo da shi kusan kullum. Ɗalibai sun ɗauka babi na biyu wurin nuna yawan karatu ne, kuma giɓi yana samuwa ne da sauya suna ko gari. Shi ya sa kowane sakin layi yake ƙarewa da jimla iri ɗaya: wannan aiki yana da alaƙa da nawa domin duka a kan zube ne, ya bambanta da nawa domin shi littafin wance ya duba, ni kuwa na wance zan duba. Malama, wannan ba giɓi ba ne. Don babu wanda ya rubuta kundi a kan wani littafi, hakan bai nuna akwai abin da ilimi ya rasa ba. Giɓi shi ne tambayar da masana suka bari a buɗe, ko saɓanin da ba a warware ba, ko matsayar da aka gina a kan littattafai kaɗan aka yi wa kowa kuɗin goro da ita. Irin wannan ba ya bayyana sai an zaunar da ayyukan wuri guda an sa su fuskanci juna. Mai jera sunaye ɗaya bayan ɗaya ba zai taɓa ganinsa ba, ko da ya jera ɗari.

Illar tana jira ranar kare kundi. Mai jarrabawa zai ce, to tsakanin waɗannan biyu wa kika bi, kuma me ya sa? Ɗalibin da ya jera sunaye sai ya yi tsuru-tsuru, domin bai taɓa haɗa su a zuciyarsa ba. Babi na huɗu ma yakan fito tsirara, an kawo sakamako babu wanda za a gwada shi da shi. Abin ya ƙara lalacewa da masu shagunan buga takardu da ke sayar da babi na biyu a shirye. Tsohon kundi suke ɗaukowa su sauya take, har da kurakuran shekara da na suna, su karɓi kuɗin yara su tura su gaban malamai da ayyukan da ba su taɓa gani da ido ba. Wallahi wannan cuta ce. Kada ki kusance su, kada kuma ki ambaci aikin da ba ki karanta ba kamar kin karanta. Idan ta bakin wani kika ji shi, ki nuna haka.

Mu malamai ma da namu laifin. Sassa da dama sun saba wa ɗalibai da tsarin kundaye daban, bugaggun littattafai daban, maƙalu daban, alhali wannan rabon ɗakin karatu ne, ba ya gaya wa mai karatu komai game da hujja. Tun da malaminki da kansa ya nemi jigo, ki rubuta kanun jigoginki a shafi guda, kowane da jimla ɗaya ta abin da ake jayayya a kai da sunayen da ke ƙarƙashinsa, ki kai masa ya amince kafin ki fara rubutu.

Idan kin gama, ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai. In mafi yawansu da suna da shekara suka fara, ba ki bar tsohon tsarin ba, kanu kawai kika ɗora masa. Ki gwada kuma musanya wuraren sakin layi biyu. In babu abin da ya rikice, babu zaren da ya ɗaure su. Ayyukan da suka ƙi shiga kowane jigo, ki cire su daga babin ko da kin sha wuyar samo su. Cikin arba'in ɗin nan za a iya samun wasu da dama irinsu, kuma kundin ba zai rasa komai ba.