An sa hannu a webil, amma fulawa ba ta cika a sito ba

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi mai rassa biyu a Kano. Wata uku ke nan a jere, duk ƙarshen wata in aka ƙirga fulawa da sukari sai a ga giɓi, alhali na biya kuɗin komai cif. Manaja ne ke yin oda ta waya, mai kula da sito kuma ɗan yayata ne, ya ce shi abin da direba ya kawo ya sa wa hannu. Ni yawanci ina hanya. Ba na son in zargi kowa, amma abin ya hana ni barci. Yaya ake tsara saye daga oda har zuwa biya, kuma nawa zan bar wa manaja ya saya ba sai ya neme ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Da wannan tsarin, ko mutanenka waliyyai ne sai ka ga giɓi, kuma ba ka da hanyar sanin inda ya faru: ko a wurin mai sayarwa, ko a hanya, ko a ƙofar sito, ko bayan kaya sun shiga. Saboda haka ka jingine maganar zargi tukuna, mu gyara takardu.

Takardu uku ne ke riƙe da saye, kuma dole kowacce ta fito daga hannu daban. Ta farko takardar oda, wadda gidanka ke rubuta wa mai sayarwa kafin mota ta tashi. Tana ɗauke da lamba, da kwanan wata, da sunan kaya da nauyinsa, da adadi, da farashin da aka tsayar, da wanda zai biya kuɗin mota da na 'yan dako. Ta biyu takardar karɓar kaya, wadda mai sito ke rubutawa bayan ya ƙirga. Ta uku inbois, wato takardar neman kuɗi daga mai sayarwa. Akanta ba ya sakin ko kwabo sai ya jera ukun nan a gabansa ya ga bakinsu ɗaya. Wanda ya yi oda ba shi zai karɓi kaya ba, wanda ya karɓa kuma ba shi zai biya ba. Littafi mai lambobi a jere da ake sa wa kabon ya isa, ba sai ka sayi manhaja ba. Shafi in ya lalace a soke shi a bar shi cikin littafin, kada a yage.

Iyakar manaja kuwa, ka duba sayayyar wata shida da suka wuce. Za ka tarar ƙananan abubuwa irin su yis, gishiri, leda da gyaran inji su ne suka fi yawa a ƙirga, amma kuɗin gidan yana cikin fulawa, sukari da mai. Ka ja layi a tsakaninsu. Misali, manaja shi kaɗai ya sa hannu har naira 500,000. Daga nan zuwa miliyan 3 sai shi da akanta. Abin da ya haura haka sai kai. Tafiyarka ba za ta hana ba: a turo maka hoton takardar oda, ka mayar da amsa a rubuce da lambarta da jimillar kuɗin. "To, ku saya" a waya ba izini ba ne, domin bayan wata biyu ba wanda zai tuna buhu nawa aka ce. Izinin kuma kafin oda ake nemansa. Wanda ya kawo maka takarda bayan mota ta sauke, labari ya ba ka. Sannan ka sa ido kan raba oda. In ka ga takardu uku na naira 480,000 ga mai sayarwa ɗaya a rana ɗaya, oda ɗaya ce ta naira 1,440,000 aka yanka don ta wuce ta ƙarƙashin layi. Maganinsa a riƙa haɗa duk abin da aka saya wurin mutum ɗaya cikin mako guda a auna shi da iyakar. Ka kuma riƙa sabunta adadin, domin in farashi ya tashi iyaka tana nan yadda take, kai da kanka za ka koya wa manaja raba oda.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai a aikin nan, kuma kusan kullum sai na gamu da shi: a ɗauka webil, wato takardar da direba ke zuwa da ita tare da kaya, ita ce shaidar kaya sun shigo. Alhaji, webil maganar mai sayarwa ce. Cewa take, "ga abin da na ce na loda." A sitonsa aka rubuta ta, yaransa suka rubuta, kafin mota ta taka titi. Ba ta san buhun da ya faɗi a hanya ba, ba ta san wanda ruwa ya taɓa ba, ba ta san wanda aka farke aka ɗiba aka sake ɗinkewa ba. Amma da mai sitonka ya sa mata hannu ba tare da ya rubuta komai ba, ta tashi daga maganarsu ta koma maganarka. Gobe in ka kira ka ce kaya ba su cika ba, hoton sa hannun yaronka za a turo maka, kuma da gaskiyarsu.

Na san yadda abin ke faruwa, domin na sha tsayawa a ƙofar sito. Mota ta iso ana kiran magariba. Direba ya bar inji a kunne, yana cewa yana da wani sauke a gaba. 'Yan dako suna gudu da buhu a ka, biyu na shiga uku na fita. Sai a miƙo wa yaro takarda a ce, "sa hannu kawai mu wuce, ai mun saba, in da matsala a kira Alhaji." Yaro ya ji kunya ya sa. Washegari ya ɗauko littafin karɓar kaya ya kwafi abin da ke webil: 200. Ga takardu uku sun dace, akanta ya biya, kowa ya huta, alhali ba wanda ya ƙirga komai. Takardar karɓa da aka kwafa daga webil ta fi rashin takarda illa, domin tana kwantar maka da hankali a kan ƙarya.

Masu cewa ƙirga rashin yarda ne, ko "ai shekara goma muna hulɗa", su ma sun ishe ni. Mutumin da kuka shekara goma da shi ba shi ya loda motar da hannunsa ba, ba kuma shi ya tuƙo ta ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Haka masu zuwa su ce a sayi manhaja ta miliyoyi matsala ta ƙare. Manhaja abin da aka shigar mata take riƙewa. In yaro ya shigar da 200 ɗin webil, 200 za ta nuna maka har abada.

Ga yadda ake karɓa. Kwafin oda da ake ba mai sito a rufe adadin da ke ciki: ya san fulawa ce mai kilo 50 daga wane, amma kada ya san buhu nawa, webil kuma ta tsaya a hannun manaja har a gama. Wanda ya san 200 ake jira, idonsa 200 zai gani. A sauke ta ƙofa ɗaya, a jera goma-goma a fili kafin a haɗa da tsohon kaya. Mutum biyu su ƙirga, kowa da takardarsa. A zaɓi buhu goma daga gaba da tsakiya da ƙarshen mota a ɗora a sikeli, a duba ɗinkin baki, a taɓa gindin buhu ko ya yi dunƙule, a karanta ranar lalacewa. Batun sikelin nan kada ka raina shi: in kowane buhu ya rasa kilo ɗaya da rabi, a buhu 200 kilo 300 ne, buhu shida ke nan sun tafi alhali ƙirga ya cika.

Mu ɗauka, don lissafi kawai, ka yi odar buhu 200 a kan naira 60,000, jimilla miliyan 12. Webil ta ce 200. Aka ƙirga aka sami 198, huɗu daga ciki sun jiƙe. Mai sito zai rubuta: an karɓi 194 lafiyayyu, an ƙi 4, babu 2. Wannan maganar zai rubuta a jikin webil ɗin kanta kafin ya sa hannu, direba ma ya sa nasa a gefe, a ɗauki hoto a tura wa mai sayarwa mota tana tsaye. Huɗun nan su koma cikin motar. Bayan kwana biyu inbois ta zo da buhu 200 a kan naira 61,500, wai farashi ya tashi, jimilla naira 12,300,000. Akanta ya ɗauki adadi daga takardar karɓa, ya ɗauki farashi daga takardar oda: 194 sau 60,000, naira 11,640,000. Bambancin naira 660,000 ne a mota ɗaya, kuma 300,000 daga ciki ƙarin farashi ne da ba wanda ya amince da shi. In da gaske an yi maganar ƙarin, to a rubuta gyaran oda, ya dawo wurinka tunda odar ta haura iyakar manaja.

Za ka ce da yawa daga manyan diloli sai an tura kuɗi suke lodi. Haka ne, kuma a nan takardar karɓa ta fi amfani, domin ita kaɗai ce abin da za ka riƙe ka nemi cikon kaya ko a rage maka a oda ta gaba. Akanta ya buɗe shafi na kuɗin da aka biya kaya ba su cika ba, ya riƙa bi duk mako. Kuma a tura kuɗi asusun da ke rubuce tun farkon hulɗa. In saƙo ya zo cewa an canja asusu, a kira mai kayan a lambar da ka sani tun da.

Giɓin wata ukun da suka wuce, gaskiya da wuya ka gano shi, tunda hannun yaronka na kan kowace webil. Kada ka ɗora wa ɗan yayarka abin da ba ka da hujja a kansa. Ka sa a ƙirga duk abin da ke sito ranar Juma'a mai zuwa, kai ko wakilinka na tsaye, a rubuta shi a matsayin mafari. Daga nan kowace mota ta bi ta sabon littafi, kowane buhu da zai fita zuwa wurin kwaɓi ya fita da takarda mai sa hannun shugaban masu kwaɓi. In aka sake ƙirga bayan mako huɗu giɓi ya ɓace, a ƙofa kaya ke zubewa. In yana nan, to tsakanin sito da tanda za ka duba.