Hoton takarda ya yi dishi-dishi: yaya zan fitar da rubutun ba tare da na yi ƙari ba?

Tambaya: Malam, an turo mini hoton shafi ɗaya na wani rahoto ta WhatsApp, aka ce in buga shi a kwamfuta. Hoton ya yi dishi-dishi, takardar asali kuma ba ta hannuna. Na sa manhaja ta karanta, ta fitar da rubutu tsaf, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan yi da kalmomin da ba na iya gani sosai?

Amsa: Malama, rashin kwanciyar zuciyar nan taki yana kan hanya. Manhajar karanta rubutu daga hoto, wato OCR, ba ta saba barin gurbi ba. In ta iske harafin da ya dushe, sai ta zaɓi wanda ya fi kama da shi ta ajiye, ya fito fes kamar sauran. Mai karatu ba zai iya bambance inda ta gani da inda ta yi kintace ba, don haka aikin ware su ya rage gare ki.

Kafin komai, ki koma wajen wanda ya turo hoton. WhatsApp yana matse hoto yana rage girmansa idan an tura shi ta hanyar da aka saba. Ki roƙe shi ya sake turowa ta Document, don ya iso yadda kyamara ta ɗauke shi. Ki duba bayanin hoton da ke hannunki. A ce kin ga 1200 x 1600. Tsawon takardar A4 ya kusa inci 11.7, saboda haka ko da shafin ya cika hoton baki-da-baki, ɗigo 137 kacal ke cikin kowane inci, alhali OCR ya fi son wajen 300. A irin wannan hoto, ƙaramin harafi kamar a ko e tsayinsa wajen ɗigo 10 zuwa 12 ne kacal a rubutu mai girman 12, kuma daidai nan ne injin ke fara tuntuɓe. Asalin hoton kyamara mai 3000 x 4000 ya ninka wannan sau biyu da rabi. Sau da yawa sake turowar kaɗai ta isa.

In bai samu ba, sai a yi da abin da ke hannu. Ki kwafi hoton ki yi aiki a kan kwafin. Ki yanke gefe-gefe, ki daidaita shi har layuka su miƙe, ki mayar da shi ruwan toka, ki ɗan ƙara bambanci tsakanin tawada da takarda. Ɗan kaɗan nake nufi. Tacewar nan da ke mayar da shafi baƙi wuluk da fari fat tana da kyau a ido, amma tana cinye inuwar da ke nuna siririn layi, kuma a hoto mai dishi-dishi wannan inuwar ce shaidarki. Haka ma manhajojin da ke alkawarin gyara hoto ya fito sarai: abin da kyamara ba ta kama ba, su ma zato suke yi su zana.

Daga nan ki ɗora hoton a Google Drive, a kwamfuta ki danna Open with, ki zaɓi Google Docs. Zai ba ki hoton a sama, rubutun a ƙasa. Ki ɗauki wannan a matsayin daftari. Ki buɗe hoton a gefe guda, ki zuƙo shi, ki bi layi-layi kina kwatantawa. Kada ki karanta daftarin shi kaɗai, domin in jimla ta yi ma'ana ido wucewa yake yi.

Alamomi uku sun wadatar. Kalmar da kika gani sarai, ki rubuta ta ba ado. Wadda kike kyautata zato amma ba ki tabbatar ba, ki sa ta a baka mai kusurwa da alamar tambaya: [ƙara?]. Wadda ta gagara sam, ki rubuta [ba a iya karantawa, kalma 1], ko kalma 3, gwargwadon faɗin wurin. Faɗin adadin yana da amfani, don mai duba takardar asali wata rana zai san girman abin da yake nema. A saman shafin ki sa layi ɗaya da ke bayyana ma'anar alamomin.

Bari mu gwada da misali. A ce injin ya fitar da wannan:

"An kara littattafai 335 a dakin karatu, amma guda 2l sun bata a watan Yu1i bayan clubawa ta biyu."

Mu fara da masu sauƙi. "clubawa" ba kalma ba ce: harafin d ne ya rabu ya zama c da l, kamar yadda m ke rabewa ya zama r da n. "2l" kuwa lamba 1 ce ta koma ƙaramin l. Ki leƙa hoton ki gyara su, ba sai an sa alama ba. Irin waɗannan kurakuran ba su cika cutarwa ba, tunda da kansu suke tona kansu.

Masu lanƙwasa sun fi wuya. Lanƙwasar ƙ, ɗ da ɓ 'yar ƙarama ce, ita ke fara narkewa idan hoto ya dushe, kuma abin da ya rage yakan zama kalma mai zaman kanta: ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. A jimlar nan ma'ana ta nuna "ƙara", "ɗakin" da "ɓata". Sai dai ki duba wasu wurare a shafin inda hoton ya fi fitowa. In mai buga takardar tun asali bai sa lanƙwasa ba, ki tambayi wanda ya ba ki aikin ko kwafi yake so yadda yake ko gyararre, sannan ki bi hanya ɗaya har ƙarshe.

Sai "Yu1i". Yuli ne ko Yuni? Injin ya ga abu dogo siriri, wanda ya fi kama da l, amma ki tabbatar da idonki. Ki nemo l da n a wata kalma ta layin, ki gwada: l yana hawa sama da sauran haruffa, n gajere ne mai faɗi. Ko harafi ya dushe, tsayinsa da faɗinsa kan saura. In bai fito miki ba, ki rubuta [Yuli? ko Yuni].

Lambobi su ne inda nake fi tsanantawa, domin jimla ba ta taimaka musu. 335 da 385 duk suna zama daram, ga shi 3 da 8 ba su da wuyar rikiɗewa, haka 5 da 6, haka 1 da 7. Ki nemi shaida a cikin shafin. A ce a ƙasa akwai jadawali: 142, sai lambar da ake shakka, sai 96, jimilla 623, kuma waɗannan ukun sun fito sarai. Haɗa 142 da 96, 238 ke nan; cire shi daga 623, saura 385. Kin samu amsa, amma ta lissafi kika samu, don haka ki rubuta 3[8]5 ki ƙara da ɗan bayani cewa daga jimilla aka gano. Inda babu abin gwadawa, ki bar shi 3[?]5. Sunayen mutane, kwanan wata da lambar waya duk haka za ki yi musu.

Layin zai koma haka:

"An ƙara littattafai 3[8]5 a ɗakin karatu, amma guda 21 sun ɓata a watan [Yuli? ko Yuni] bayan dubawa ta biyu."

Idan kin gama, ki nemo alamar [ da akwatin bincike na manhajar rubutu, ki ƙirga wuraren, ki jera su da lambar layinsu. Ki tura wa mai takardar wannan jerin tare da hoton, ki roƙe shi ya ɗauko miki waɗannan layukan kaɗai daga kusa, a wuri mai haske, ya taɓa fuskar wayar a kan rubutun har ya fito kafin ya danna. In kuwa kusan kowane layi sai da kika sa baka biyu ko uku, ki gaya masa gaskiya cewa hoton bai isa a fitar da kwafin da za a dogara da shi ba, sai an sake ɗauka.