Naira ɗari biyar a kantin makaranta: yadda za a koya wa ɗalibai abin da zaɓi ke ci musu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da darasin tattalin arziki a aji ɗaya na babbar sakandare a nan Jos. Yarana sun haddace cewa duk wanda ya zaɓi abu ya sadaukar da wani, amma in na ba su lissafi sai su rubuto mini kuɗin da aka biya. Ina so in yi musu misali da kantin makarantarmu. Ta ina zan faro, kuma yaya zan gane sun fahimta? Daga wata malama, Unguwar Rogo.

Wa'alaikumus salam Malama. Ki faro daga bakin kantin da kanki. Ana gobe darasin, ki je wajen masu sayar da abinci da takarda da biro, ki rubuto farashin abu shida ko bakwai yadda suke a ranar. Kada ki ɗauko farashi daga littafi. Yara sun fi ki sanin kuɗin awara, in suka ga kin rubuta na shekaru biyar baya, rabin darasin zai tafi a gardama da dariya.

Mu ɗauka ga abin da kika samo, ke kuma sai ki sa na wajenku: masa da miya N500, awara leda ɗaya N300, dafaffen ƙwai N250, zoɓo gora ɗaya N200, fanke N200, fiya wata N50, sai soyayyen dankalin Turawa da ƙwai N800. Ki rubuta su a allo, ki ce kowa ya ƙaddara an ba shi N500 cif, ba rance, ba karo-karo. Dankalin nan na N800 ki bar shi a allo da gangan, yana da aikin da zai yi miki nan gaba.

Akwai abin da nake roƙonki a kansa. Kada ki tambayi kowa nawa aka ba shi daga gida. A kowane aji akwai yaron da ke zama a kujerarsa lokacin tara saboda aljihunsa babu ko sisi, kuma ya fi kowa sanin ma'anar haƙura da abu. Kuɗin ƙaddarawa, iri ɗaya ga kowa, shi ke rufa masa asiri ya kuma bar shi ya yi magana da ƙarfin gwiwa.

Kafin kowa ya ce ga abin da zai saya, ki sa su rubuta hanyoyi uku da za su iya kashe ɗari biyar ɗin, su jera su daga wadda suka fi so zuwa ta ƙarshe. Wannan matakin shi ne ƙashin bayan darasin, kuma shi aka fi tsallakewa. In babu jeri a rubuce, ba ki da abin da za ki nuna da yatsa ki ce ga abin da aka sadaukar. Ki ba su minti biyar, kowa shi kaɗai, ba leƙen takardar maƙwabci.

Sai ki kira yarinya ɗaya ta karanto nata. A ce ta rubuta masa a farko, awara da zoɓo a na biyu, fanke da ƙwai da ruwa a na uku. Kowanne ya tashi N500. Ta ce masa za ta saya. Ki juya ga aji ki tambaya: me masar nan ta ci mata?

Amsa uku za ki ji waɗanda ba daidai ba, kuma kowacce tana nuna miki inda fahimta ta karkace. Ta farko ita ce wadda kika saba gani, ɗari biyar. Kada ki ce musu ƙarya ne, domin lallai ta biya ɗari biyar. Ki ɗaga takardar kuɗin ki tambaye su ko akwai mai iya cin ta in yunwa ta kama shi. Takardar ba ta da amfani sai ta hanyar abin da za ta sayo, saboda haka abin da ya kuɓuce wa yarinyar shi ne abin da takardar za ta iya sayo mata da ba ta ba mai masa ba. Kuɗin da aka miƙa farashi ne. Abin da muke nema shi ne awara da zoɓon da ba ta ci ba.

Amsa ta biyu ta fi ta farko wayo. Wani zai ce ta rasa awara da zoɓo da fanke da ƙwai da ruwa, duk abin da ke jerinta ban da masa. Ki ce ya taso ya haɗa kuɗinsu. Zai samu N1,000. Sai ki tambaye shi: da ba ta sayi masa ba, ɗari biyar ɗinta za ta iya kwaso kayan dubu? Taura biyu ba ta taunuwa. Da ta fasa masa, hanya ɗaya tak za ta bi, wato ta biyu a jerinta, don haka ita kaɗai ce aka sadaukar. Amma ki kula da wani wuri mai santsi a nan. Awara da zoɓo abu biyu ne, duk da haka zaɓi ɗaya ne, tunda kuɗin ya isa a saye su tare. Idan kika ce wa yara amsar kullum abu guda ce, za su yanke zoɓon su bar awara. Ki ce musu zaɓi guda, komai yawan abin da ke cikinsa.

Ta uku ita ce dalilin ajiye dankalin. Dole a samu wanda zai ce ai dankali da ƙwai ta fi so, shi ta rasa. Ko da gaske ta fi son sa, N800 ne, ita kuwa N500 ke hannunta. Ba sayen masa ne ya hana ta dankali ba, ƙarancin kuɗi ne. Ba a sadaukar da abin da dama hannu bai kai gare shi ba.

Yanzu ki kira wani yaro wanda jerinsa ya sha bamban. A garin nan ba za ki rasa wanda zai rubuta cewa zai sayi awara ta N300 ya riƙe N200 kuɗin keke zuwa gida ba, musamman in daga nesa yake zuwa, kamar Rikkos ko Gangare. Wasu malamai suna hana irin wannan amsa wai ba ta cikin allo. Ni ina ganin ita ce amsa mafi daraja a ajin. Ki tambaye shi: da ka ƙara zoɓo a kan awarar, me zai ci maka? Zai ce tafiya a ƙasa. To ga zoɓo ɗaya, farashi ɗaya, amma ga wannan yaron kujerar keke ce ke tafiya, ga na kusa da shi mai gida a bayan makaranta kuwa fanke ne kawai. Daga nan yara ke gane cewa mai kanti ne ke yanka farashi, amma abin da aka sadaukar yana bin halin mai saye da abin da ya fi so. Shi ya sa ba za ki iya yi wa wannan aikin maki da amsa ɗaya ba. Sai kin duba jerin kowane yaro kafin ki ce ya ci ko ya faɗi.

Game da gane ko sun fahimta, kada ki sa su maimaita ma'ana. Ki canza abu ɗaya a allo ki ga ko amsarsu za ta motsa. Ki goge awara ki ce ta ƙare yau. Yarinyar farko har yanzu masa za ta saya, har yanzu N500 za ta biya. Me ta sadaukar? Wanda ya gane zai ce fanke da ƙwai da ruwa, domin su ne suka hau mataki na biyu, sai dai in ta sake jeri ta haɗa wani abu da zoɓon. Wanda ya haddace kawai zai tsaya a kan awara, ko ya koma ga ɗari biyar. Sannan ki mayar da awara ki goge masa. Yanzu awara da zoɓo za ta saya. Da yawa za su ce ta sadaukar da masa, saboda ita ta fi so. Ba haka ba ne, masa ba ta cikin zaɓi a ranar, matsayinta ɗaya da dankalin nan. Yaron da ya tsallake wannan tarkon ya fahimta, ko da Turancinsa bai fita ba. Duka wannan yana shiga darasi ɗaya na minti arba'in in ba ki tsaya dogon bayani a farko ba.

Sai a darasi na gaba ki ɗaure shi da littafi. Ma'anar tattalin arziki da suke haddacewa ta masanin nan Lionel Robbins, ta shekarar 1932, tana magana a kan buƙatu da kuma abin biyansu wanda yake ƙaranci kuma ana iya amfani da shi ta hanyoyi daban-daban. Ki nuna musu ɗari biyar ita ce abu mai ƙaranci, layuka ukun da suka rubuta su ne hanyoyin. Tambayoyin WAEC da NECO a wannan babi sukan bambanta farashin kuɗi da abin da aka sadaukar, don haka ki saba musu da rubuta duka biyun a jimla ɗaya: na biya kaza, na haƙura da kaza.

Tambaya: Malam, wani ɗalibina ya ƙure ni. Ya ce in abokinsa ya saya masa masa kyauta, ai bai sadaukar da komai ba. Yana da gaskiya? Daga wani malami, Bukur.

Yana da rabin gaskiya, Malam, kuma ka yaba masa a gaban aji. Ta fuskar kuɗi bai rasa komai ba, ɗari biyar ɗinsa tana aljihu. Amma kuɗi ba shi kaɗai ne abu mai ƙaranci a lokacin tara ba. A ce taran minti talatin ne, layin mai masa da zaman ci suka cinye ashirin. Ka tambaye shi me zai yi da minti ashirin ɗin da bai je ba. In ya ce ƙwallo, to ƙwallon ya sadaukar. In ya ce zai ƙarasa kwafar aikin da za a karɓa bayan tara, to shi ne. Haka in abokin ya ce masa ya zaɓi ɗaya tsakanin masa da awara, ya ɗauki masa, awarar ce ta tafi, ko da bai ciro sisi ba.

Kada kuma ka matsa har ka ce babu yadda za a yi abu ya zo ba tare da sadaukarwa ba. In abokin ya kawo masa har kujerarsa, yana zaune ba abin da yake yi, yunwa na cinsa kuma ba wani abincin da zai ci, abin da shi ya rasa bai taka kara ya karya ba. Sai ka juya tambayar ga abokin da ya biya: shi me zai saya da kuɗin nan da bai yi kyautar ba? Ka sa ajin su rubuta jerin abokin, su fitar da amsar da kansu.