An biya mai kawo buhuna sau biyu? Ga yadda ake bin sawun kuɗin

"Maigida, ina duba littafin basussukan masu kawo mana kaya don rufe shekara, sai na ga asusun mai kawo mana buhunan zuba abincin kaji daga Kano ya juya, mu ne ke bin sa Naira 2,150,000. Ina zargin sau biyu aka biya shi. In soke shigarwa ta biyun ne, ko in buga masa waya?"

Ɗana, duka biyun ka dakata tukuna. Littafi abin da wani ya rubuta kawai yake nuna maka. Yana iya yiwuwa kuɗin sau ɗaya suka fita aka rubuta sau biyu, ko kuɗin kafin alƙalami ne aka ba shi, ko akwai inbois ɗinsa da ke kwance a durowar wani ba a shigar ba, ko biyan wani ɗan kasuwa ne aka jefa a asusunsa. Kowanne da gyaransa daban. In ka soke shigarwa alhali kuɗin sun fita da gaske, ka ɓoye asarar ke nan da hannunka, kuma lissafinka da na banki ba zai ƙara haɗuwa ba.

Na duba fayil ɗin da ka ajiye mini. Inbois mai lamba 0457 na ranar 14 ga Oktoba, buhu 10,000 a kan Naira 200, wato 2,000,000. Da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, Naira 150,000, ya tashi 2,150,000. Ranar 28 ga Oktoba aka biya shi ta hanyar da aka saba: aka cire harajin riƙewa, WHT, na kashi 2 cikin 100 daga ainihin kuɗin kayan, Naira 40,000, aka tura masa 2,110,000. Da wannan asusu ya koma babu. Sai kuma ga wasu 2,150,000 cif ranar 19 ga Nuwamba.

Ka lura adadin biyu ba ɗaya ba ne. Shi ya sa mai daidaita lissafin banki na wata-wata bai farga ba, don idonsa adadi iri ɗaya yake nema. Duk sanda ka ga biya biyu da bambancinsu ya yi daidai da harajin riƙewa ko VAT, ka tsaya a kansu.

Fara da banki. Ciro sitetimen na Oktoba har zuwa ƙarshen Disamba, wanda banki ya bayar, kada ka dogara da alat na waya. Nemo fitar kuɗin biyu, kowace da lambar tiransifarta, `Session ID`. Sannan ka bi layin shigar kuɗi na kwanakin da suka biyo bayan kowace. Sau da yawa tiransifa takan maƙale, banki ya dawo da kuɗin, a sake turawa, amma a manta ba a rubuta dawowar ba. In ka ga 2,110,000 sun dawo, ba a biya sau biyu ba, sai dai a lokacin za ka tambayi dalilin da ya sa turawa ta biyu ta tafi babu cire haraji. In ba su dawo ba, kuma lambobin biyu daban ne, kuɗi sun fita sau biyu.

Kafin ka bar sitetimen ɗin, duba inda kuɗin suka sauka. Wannan shi ya sa na hana ka buga waya. In lambar asusun da aka tura wa a Nuwamba ita ce ta Oktoba, kuskure muke bi. In ta bambanta, ko da sunan ya yi kama, rufe fayil ɗin ka kawo mini, ni zan kai wa odita na cikin gida. Kada ka tambayi wanda ya shirya baucan, kada ka yi zancen a ofis. Ba zargin kowa muke yi ba, amma takarda takan yi ƙafa in magana ta fita da wuri.

Daga nan ka sauka sito. Tambayar ɗaya ce: mota nawa ta sauke buhuna? Nemi takardar karɓar kaya da webil da katin sito. In katin ya nuna shigar buhu 10,000 sau ɗaya a Oktoba, babu wata shigowa a Nuwamba, biya na biyu ba shi da kaya a bayansa. In kuwa akwai wata lodi a Nuwamba, inbois ne ya ɓace, sai a nemo shi a shigar da bashin a wannan shekara.

Sai ka ajiye baucan biyu gefe da gefe. Na Oktoba yana da inbois na asali, da odar saye, da takardar sito. Na Nuwamba hoton inbois ne da aka turo ta waya aka buga, an rubuta lambarsa 457 babu sifilin farko, an sa "a biya da gaggawa" a kusurwa. Yawanci haka abin yake faruwa. Mai kaya ya kira manaja yana ƙorafi, don shi 2,150,000 yake jira a gani, ya ga 2,110,000 bai gane nasa ba ne. Manaja ya sa hannu, aka biya ba tare da an buɗe asusun an duba ba. Inbois na asali kuma babu hatimin `PAID` a kansa, wanda da shi kaɗai ya isa ya tsayar da maganar.

Yanzu ne lokacin tuntuɓar mai kayan, kuma a rubuce. Nemi sitetimen ɗinsa na asusunmu zuwa 31 ga Disamba. In littafinsa ya nuna ya karɓi biyun, ka aika masa wasiƙa da kwanan wata da adadi da lambobin tiransifa, ya sa hannu ya amince. Sannan a zaɓa: ko ya dawo da 2,150,000 gaba ɗaya, ko a cire daga inbois na gaba. In cirewa za a yi, kada harajin sabon inbois ya salwanta. A ce a Janairu ya kawo kayan 3,000,000, da VAT 3,225,000. Cire harajin riƙewa 60,000, cire 2,150,000, abin da za a tura masa 1,015,000 ne.

A lissafin rufe shekara, kada ka bar kuɗin nan a cikin basussukan da ake bin mu suna rage jimilla. Ɗauke su zuwa ɓangaren kuɗin da muke bin wasu, da bayani da kwafin takardu a manne. Ko ya dawo da su a Janairu, ba za ka rubuta su a bankin Disamba ba. Dawowar hujja ce kawai ga odita cewa bashin mai karɓuwa ne.

Wanda ya fi damuna shi ne irin wanda ba ya nuna kansa. Da a ce an shigar da 457 a matsayin sabon inbois kafin a biya, da asusun ya tashi babu ko kwabo, kai kuma ka wuce. A nan kuɗin sayen kaya sun kumbura da 2,000,000, VAT ya ninku, wataƙila har an kai wa hukumar haraji WHT sau biyu. Don haka ka fitar da inbois na shekarar duka zuwa Excel, sunan mai kaya a layin B, lambar inbois a C bayan ka cire sifilin farko da haruffa, ka sa wannan:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,C:C,C2)>1
```

Duk inda ya nuna `TRUE` ka ciro baucansa. Ka sake yi da adadin kaya kafin haraji a madadin lambar. Wannan zai kawo maka tarkace kamar haya da kuɗin masu gadi da ke maimaituwa kowane wata, ka tsallake su. Duba kuma ko mai kaya ɗaya yana da asusu biyu, ɗaya da sunansa ɗaya da sunan shagonsa, ta hanyar gwada lambobin asusun bankinsu. Fara da masu kawo masara da waken suya, nan manyan kuɗin suke, ka kawo mini jerin kafin ranar Alhamis.