Ƙwacewa daban, mayarwa daban: amsoshin tambayoyinku

"Malam, na ji a rediyo an ce gwamnati ta ƙwace kuɗin wata tsohuwar minista sannan ta sake ta. Wanda aka ƙwace wa kaya kuma a sake shi?" Daga wani ɗan kasuwa a Garwa, ƙasar Kamaru.

Mai karanta labaran ne ya rikita ka, kuma ba shi kaɗai ke wannan sakaci ba. Duk kuɗin da ya bar hannun wanda ake tuhuma, sai su ce an ƙwace. Alhali abu uku ne, kowanne da sunansa.

Tun ana bincike, alƙalin bincike na iya sa banki ya rufe asusun mutum, ko a hana sayar da gidansa. Wannan riƙewa ce. Kayan na nan da sunan mai su, in kotu ta wanke shi a sakar masa. Ƙwacewa sai bayan hukunci, in kotu ta tabbatar da laifi ta ce dukiyar ta zama ta hukuma. A nan mai kaya ba ya da ta cewa, shi ya sa kalmar ke da nauyi a bakin Bahaushe.

Abin da ka ji kuwa mayarwa ce. Dokar 14 ga Disamba 2011 ta kafa kotu ta musamman a Yawunde, mai sauraron ƙarar satar dukiyar gwamnati da ta kai sefa miliyan 50 ko fiye. Sashe na 18 na dokar ya ce in wanda ake tuhuma ya mayar da abin da ake bin sa, babban mai gabatar da ƙara na iya tsayar da shari'ar, amma sai da rubutaccen izinin ministan shari'a. Hajiya Haman Adama, tsohuwar ministar ilimin firamare, an tsare ta a 2010, aka zuba sama da miliyan 200 a baitulmali, aka sallame ta a 2013. Da hannunta aka miƙa, ba a fizge ba.

A lura da "na iya". Dokar ba ta ce dole ba, mutum zai iya biya minista ya yi shiru, shari'a ta ci gaba. In kuma an riga an gurfanar da shi kafin ya biya, ko an tsayar da ƙarar kotu na hana shi riƙe muƙamin gwamnati, a rubuta a takardar tarihin laifinsa. Saboda haka masu cewa "an wanke ta" su ma sun yi kure. Wankewa sai alƙali ya auna shaida ya ce ba laifi.

"Almubazzaranci da sama da faɗi ɗaya ne?" Daga wata malamar makaranta a Marwa.

Ina! Almubazzari ɓarnatar da dukiya yake yi, ko da tasa ce, kamar mai yanka shanu goma ranar suna. Mai sama da faɗi kuwa amana aka ba shi ya zura a aljihu. 'Yan jarida na son ta farko don tana da kwarjinin Larabci, sai su sassauta wa ɓarawo ba su sani ba. Sashe na 184 na dokar hukunta laifuka bai sassauta ba: abin da ya haura sefa dubu 500, wato jaka ɗari biyar kacal, hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne.

"Wane ne ɓarawon zaune?" Daga wani ɗalibi a Ngaundare.

Wanda bai tsallaka katanga ba, amma a gidansa kaya ke kwana. Masu bin sawun kuɗi shi suke nema, don babban ma'aikaci ba ya rubuta gida da sunansa. Sai a ga takardar fili da sunan ƙanen mata wanda ko keke bai mallaka ba, a tambaye shi inda ya samo. Abin da ya bi ta banki yana barin sawu, tunda bankuna na kai rahoton kuɗin da ba su yarda da shi ba ga hukumar binciken hada-hadar kuɗi da aka kafa a 2005. Amma a nan Arewa in kuɗi ya zama garke, an damƙa wa makiyayi ya yi mashekari da shi, ba takarda ba rasit, mai bincike sai ya yi da gaske.

"Farmakin Eferbiye da aka fara a 2006, me sunan ke nufi?" Daga Kusiri.

Shaho, mai ɗaukar 'yan tsaki. Sunan Faransanci ne da aka ba farmakin da gwamnati ke kai wa waɗanda ake zargi da satar dukiyar ƙasa.

"Marafa suna ne ko sarauta?" Daga Gidar.

Asalinta sarauta ce, ta zama sunan yanka a wasu gidaje. In tsohon minista Marafa Hamidu Yaya na Garwa kake nufi, shekara 25 aka yanke masa a 2012 kan kuɗin sayen jirgin shugaban ƙasa, kotun ƙoli ta rage zuwa 20 a 2016.