CAPM ko APT, wanne zan ɗauka?

"Ina rubuta aikin kammala digiri a nan Sakkwato kan hannayen jari. CAPM zan ɗauka ko APT?"

Ɗan'uwa, duka biyun hanyoyi ne na lissafa ribar da ake sa ran samu daga hannun jari. Ɗauki CAPM, sai fa in kana da bayanan shekaru masu yawa. Haɗarin kasuwa kaɗai yake aunawa da beta, wato ma'aunin yadda hannun jari ke bin motsin kasuwa: misali, in ribar takardun baitulmali 15% ce, ta kasuwa 20%, bambancinsu 5 ke nan, beta kuma 1.2, sai ka samu ribar da ake sa rai 15 + 1.2 × 5 = 21%. Rauninsa, yana ɗauka kowa na samun rance a kan ribar gwamnati, alhali ba haka bankuna suke ba.

APT na masanin tattalin arziki Stephen Ross, 1976, yana karɓar dalilai da dama, kamar hauhawar farashi da canjin dala, amma bai faɗa maka waɗanne ba. Da idona na ga ɗalibi ya sauya dalili ɗaya, sakamakonsa ya kife.