Babi na biyu ya hana ni barci

Anti, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Gusau, ina digiri na biyu a fannin ilimi. Bincikena a kan ƙwarin gwiwar malamai ne da sakamakon ɗalibai. Malamin da ke duba aikina ya maido mini da babi na biyu, wato na bitar binciken da wasu suka riga suka yi a kan batun, ya ce tara maganganun mutane na yi, wane ya ce, wane ya ce, ba a san inda na dosa ba. Ga takardu jibge a ɗaki, na rasa ta inda zan kama. Ki taimaka mini.

Malama daga Gusau

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Karatun kin riga kin yi shi, jerin ne ya rage.

Ki ɗauki tambayarki ki warware ta. Ƙwarin gwiwar malami ba ya shiga kan yaro kai tsaye. Albashi a kan lokaci, ƙarin girma da mutuntawar shugaban makaranta su ke ɗaga himmar malami. Himmar ita ke sa ya zo aji kullum, ya shirya darasi, ya duba littattafan yara. Wannan aikin ne ke taɓa makin yaro. Gaɓoɓi uku ke nan, kuma su ne kanun babinki. Kowace takarda kika ɗauka, ki tambaye ta wace gaɓa ta gwada. Gaɓar tsakiya, wato abin da malami ke yi a aji, ita aka fi tsallakewa, kuma ita ce ginshiƙin hujjarki.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki ja jadawali. Kowane bincike ya samu layinsa: sunan mai binciken da shekara, inda aka yi, mutum nawa, yadda aka auna himma, yadda aka auna sakamako, da abin da aka samu. Ki kula sosai da gidajen awon nan biyu. Za ki tarar da yawa sun raba wa malamai takardar tambayoyi ne kawai, suka tambaye su ko ƙarin albashi yana sa yara ƙoƙari, malamai suka ce e. Wannan ra'ayin malamai ne, ba a duba makin yaro ko ɗaya ba. Ki ware irinsu gefe guda, ki faɗi iyakarsu a fili.

Ga yadda sakin layi ɗaya zai tsaya a kan batun kuɗi. A Indunusiya an ninka wa wasu malamai albashi. Binciken de Ree da abokan aikinsa na 2018 ya nuna malaman sun ƙara gamsuwa da abin da suke samu, masu neman aiki na biyu sun ragu, amma makin yara bai motsa ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa, Muralidharan da Sundararaman sun nuna a 2011 cewa tukuicin da aka ɗaure da ƙaruwar makin yara ya ɗaga sakamako a lissafi da harshe. A Kenya, Glewwe da abokansa a 2010 sun ga maki ya tashi lokacin da ake ba da kyauta, malamai sun ƙara darasin shirin jarrabawa, amma da aka daina sai ƙaruwar ta ɓace. Kada ki ba kowanne sakin layinsa. Ki haɗa su wuri ɗaya, ki buɗe da maganarki: tasirin kuɗi ya dogara da yadda aka ba da shi da abin da ya canza a aji. Su ukun su zo a matsayin shaidu, ki nuna inda suka saɓa da dalilin saɓanin. Sannan ki tuna a wuraren nan ƙari aka gwada a kan albashin da ake biya. Malamin da albashinsa ke makara matsalarsa daban ce, kuma wannan bambancin shi zai kai ki ga giɓin da bincikenki zai cike.

Batun ra'i, wato bayanin masana da za ki ɗora bincikenki a kai, kada ya cinye miki shafuka. Kusan kowa yana jero Maslow, Herzberg da Vroom, masanan da suka yi bayani kan abin da ke sa mutum himma, don a ga ya karanta. Ki zaɓi ɗaya da zai yi miki aiki. Ni da Herzberg na 1959 zan tafi, don ya raba abubuwan da rashinsu ke sa ƙunci, kamar albashi da yanayin wurin aiki, da waɗanda ke sa himma, kamar yabo da ganin nasarar aiki. Tambayoyin da za ki raba wa malamai su bi wannan rabon.

Ki kuma ware ɗan sashe ga abubuwan da ke taɓa maki ban da malami: cunkoson aji, fashin yara lokacin damina, da matsalar tsaro. A 2021 an rufe makarantu a Zamfara bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun. Idan makin waccan shekarar na cikin bayananki, dole babin ya yi maganarsa, in ba haka ba za a ɗora wa malamai faɗuwar da rufe makaranta ta jawo.

Idan kin gama, ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi a jere. In yawancinsu da sunan wani suka fara, ki sake su. Sai ki kai wa malaminki jadawalin tare da babin, ya ga inda kowace magana ta fito.